Kajin Mama Serah da Ƙaryar da Na Yi Shekara Uku

Duk wanda ya taɓa aiki a hawa na huɗu na ma'aikatarmu ya san kular Mama Serah tun kafin ya san sunan darakta. Shuɗiyar kula ce, marfinta ya tsage an ɗaure da waya. Ranar farko da aka dawo aiki bayan hutun Kirsimeti za ka ji ta tana nishi a matakala, don ba ta yarda da lif ba, ta ajiye kular a teburina ta ce kowa ya kawo faranti. Dafa-duka ce da kaza, mu ashirin da wani abu, kuma ban taɓa ganin wanda ya tashi babu tsoka ba.

Masinja ce, mutuniyar Kagoro. Ta zo Abuja tun ana gina sakateriya, ta zauna a Mpape, can saman dutse inda mai acaɓa ke sauke ka ya ce sauran sai da ƙafa. Shekara talatin da biyar tana yawo da fayil daga ofis zuwa ofis, don haka babu abin da ba ta sani ba: wa zai yi aure, wa aka hana ƙarin girma, ina ake samun manja mai kyau. Baki gare ta, Allah ya sani. In ta yabi kaya, kafin la'asar rabin bene ya saya.

Yawancinmu a hawan Musulmi ne. Da Babbar Sallah kowa kan ƙullo mata nama, ita kuma ta rama da Kirsimeti. Saboda mu ba ta bari kowa ya yanka mata kaji sai Malam Yelwa, direban ofis. Kowace shekara shi ke hawa dutsen Mpape da wuƙarsa, yana mita, ya yanka, ya sha kunun gyaɗa, ya sauko yana ci gaba da mita.

Bana ce Kirsimetinta ta ƙarshe da mu, a watan Janairu za ta yi ritaya. Bana ɗin kuma kaza ta yi tsadar da sai ka tsaya ka sake tambayar mai sayarwa ko akuya yake nufi. Kular nan kaji huɗu take ci, Mama Serah kuwa ta ce biyu kawai ƙarfinta zai kai. Muka ce mu haɗa mata, ai kuwa ta yi fushi har ta ƙi gaishe ni kwana biyu. Wai ta taɓa haɗa wa wani kuɗin ragon Sallah? Abincin biki daga hannun mai biki yake fita, in ba haka ba ba nata ba ne.

Ana cikin haka sai saƙo ya shigo wayarta daga gonar kajin da take saye a Yangoji, wajen Kwali. Sun yi garaɓasar Kirsimeti. Kowane tsohon kwastoma an ba shi lambarsa ta gayyata. Sabon mutum in ya kira ya faɗi lambar, ya sayi kaji uku ko fiye, zai samu rabin kiret ɗin ƙwai kyauta, mai lambar ma rabin kiret. Wanda ya cika mutum biyar zuwa ranar ashirin da uku ga Disamba kuma a ƙara masa kaji biyu. Amma sai an biya, an kai kaji an karɓa, sannan a lissafa.

Har rawa ta taka a gaban firinta. Ta ce wannan ai guminta ne, ba sadaka ba. Mutum biyar? Ita da ke iya tara mutum hamsin kafin a kira azahar?

A nan aka ji kunya. Ta bi ofis ofis da lambarta rubuce a bayan ambulan, kowa ya kira sai Prudence, matar da ke ɗaukar waya a gonar, ta duba ta ce ai wannan tsohon kwastoma ne. Hawa na huɗu, hawa na uku, mawaƙan cocinsu, masu shago a layinsu, duk sun taɓa saye. Wa ya kai su? Mama Serah, shekara da shekaru, kyauta, ba ko ƙwai ɗaya. Ta zauna a kujerar bakin ƙofa ta riƙe haɓa ta ce bakinta ne ya cuce ta. Muka yi ta dariya har ita ma ta shiga.

Hanif, wanda muke teburi ɗaya, ya ce abin ai mai sauƙi ne, kowa yana da layin waya biyu, a kira da ɗayan. Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce na farko Prudence ta san muryar kowa da inda ake kai masa kaji, na biyu ita ba za ta ciyar da mutane kazar ƙarya a ranar haihuwar Yesu ba. Hanif ya koma kan kwamfutarsa.

Sai ta fita farauta. Ta samo sabuwar ma'aikaciya a sashen kuɗi da aka yi wa canji daga Makurɗi. Ta samo mai gidan abinci a bayan sakateriya. Ta tare wata mata a motar Mpape, kafin su kai tashar Berger matar ta kira gonar. Na huɗu surukin Malam Yelwa ne a Jikwoyi. Na biyar kuwa babban kifi, Oga Maitama, daraktanmu, wanda ya ce zai sayi goma ya raba wa maƙwabtansa.

Ya saya ɗin. Sai dai oga ya kira yana tsakiyar shiga taro, ya yi oda, ya biya, ya manta bai faɗi lamba ba. Da Mama Serah ta kira, Prudence ta ba ta haƙuri ta ce lamba lokacin oda ake faɗa, in an rufe an rufe, kuma yanzu oga ya zama tsohon kwastoma. Shi kansa ya kira ya yi turancinsa, ba ta canza ba. Ranar ashirin da biyu ga wata ke nan, motar gonar kuma gobe ce zuwanta na ƙarshe.

To, ga inda nake shigowa, kuma ba da alfahari ba.

Shekara uku da suka wuce Mama Serah ta ba ni lambar wayar gonar nan. Bayan mako ta tambaye ni ko na saya. Ni kuwa kaza mai rai ba ta shiga gidana. Tun ina yarinya zakara ya bi ni ya cake ni a ƙwauri, har yau in na ji fuka-fuki jikina rawa yake. Ga figa, ga ƙarni. Tawa a firizar kanti nake ɗaukowa, wankakkiya. Amma yaya zan kalli tsohuwa in ce ban bi shawararta ba? Sai na ce na saya, kuma ta yi daɗi. Da ma a nan na tsaya. Shekara ta biyu na ce maigidana ya ce bai taɓa cin irinta ba. Ta uku har na ce uwar mijina ta tafi da biyu Zariya. Ita kuwa duk wanda ya yi gardama sai ta ce ya je ya tambayi Nazeefa.

Shi ya sa da take zagayen neman sabbin mutane ko kallona ba ta yi ba. Ni ma na yi lamo, ina addu'a biyar ɗin su cika ba da ni ba.

Da azahar na same ta a ɗan ɗakin shayi tana wanke kofuna. Ba ta mita, ba ta waƙa, abin da ban saba gani ba. Ta ce ba komai, za ta yanka biyun ƙanana ƙanana, kowa ya samu ko ɗan wuya ne. Sai ta ce abin da ya dame ta kawai shi ne wannan ne bikinta na ƙarshe da mu, ta so a tuna da ita da cikakkiyar kula. Wallahi raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi.

Na ce, "Mama, ba ni ambulan ɗin nan."

"Me za ki yi da shi? Ke ai tsohuwa ce."

"Sabuwa ce ni, Mama. Ban taɓa saye ba. Ko ɗaya."

Ta kashe famfo. Ta juyo a hankali, hannunta duk kumfa.

"Wanda maigidanki ya ce bai taɓa cin irinta ba fa?"

"Ta kanti ce."

"Biyun da suka tafi Zariya?"

"Ba su taɓa tafiya ba."

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai na ji wani irin sauti, ashe dariya ce ta shaƙe ta. Ta dafa bango, ta zauna a kan bokiti, hawaye na zuba, tana cewa ita Serah, da ta san sirrin darakta shida, yarinyar da ke gabanta kullum ta yi mata wayo shekara uku. Ta ce in kira yanzu yanzu a gabanta, kuma lamba zan fara faɗa kafin gaisuwa, kada in yi irin ta oga.

Haka na yi. Prudence ta duba ta ce lallai wannan layin bai taɓa saye ba, sunan ma haka. Na biya kaji uku nan take. Washegari motar gonar ta tsaya a bakin get ɗin ofis, aka miƙo mini kaji uku masu rai ɗaure da ƙafa, na ja baya har na taka ƙafar maigadi. Malam Yelwa ne ya karɓa ya sa hannu a madadina yana cewa ilimin boko bai hana tsoron kaza ba. Kafin motar ta tashi Prudence ta kira direbanta ta ce biyar sun cika, ya sauke wa Mama Serah kajinta biyu na kyauta da ƙwanta kiret biyu da rabi. Nawa rabin kiret ɗin na tura mata, ta ture ta ce kowa da rabonsa, haka dokar ta ce.

Kafin a tashi aiki babu wanda bai ji labarina ba, har masu gadi. Ai na faɗa muku baki gare ta.

Ranar da aka dawo hutu muka ji nishinta a matakala. Kular ta cika har marfin ya ƙi rufuwa, ga dafaffen ƙwai jere a sama, abin da ba a taɓa yi ba. Oga Maitama ya fito da farantinsa ya bi layi, ta zuba masa tana tambayarsa ko ya tuna lambar yanzu. Ni ta bar ni ƙarshe. Ta cika mini faranti da shinkafa, ta ɗora ƙafar kaza guda ɗaya a sama, ta ce wannan rabon maƙaryata ne. Ofis ya ɗauki shewa.

Na koma teburina na sa cokali, sai na ji ya tokari abu. Cinya ce guda, da ƙundu, ta binne a ƙarƙashin shinkafar. Na ɗaga kai, tana can bakin ƙofa tana kankare gindin kula, ta ƙi kallona.

"Ci, 'yata," in ji ta. "Yau dai in kin ce ta yi daɗi, na san kin ci."

Na ci, kuma ta yi daɗi.