Injiniya Abdulfattah da Tukunyar Dafa-duka

Abdulfattah ɗan Magajin Gari ne. Ya yi karatun injiniyan gini a Zariya, ya dawo gida da digiri da wata irin kunya wadda ba ta da magani. Ko mai shayi ya zuba masa gishiri a madadin sukari, shanyewa zai yi ya ce an gode.

Aikinsa na farko shi ne 'yar gadar ƙafa da ƙungiyar manoma ta sa shi yi a kan wani rafi, can wajen Randagi. Ya gitta dogayen ƙarafa biyu, ya binne bakunansu cikin kankare hagu da dama, yadda ba za su juya ba. Ya yi wa shugaban ƙungiyar, Alhaji Maliki, bayani cikin ladabi.

"Baba, ƙarfen da aka kafe bakinsa biyu ba ya faɗuwa sai ya saki a wuri uku, kowane wuri ya lanƙwashe kamar gwiwa. Idan mutane suka cika gadar, bakunan ne za su fara saki, tsakiya ta biyo baya. Na yi ta don mutum ashirin. Sai an kai arba'in za ta durƙusa, ninki biyu ke nan na rata."

Alhaji ya ce, "Madalla. Ashe ta arba'in ce."

Ranar buɗewa kowa ya hau don a ɗauke shi hoto. Abdulfattah na gefe yana ƙirga huluna. Da suka kai talatin sai ya ga fenti yana ɓarewa a bakin ƙarfen nan, ya leƙa wancan bakin, haka. Gwiwa biyu sun samu. Saura ta tsakiya, saura mutum goma, ga 'yan acaɓa suna ta sauke baƙi.

"Baba, da za a ɗan rage…"

"Wa za a rage? Liman ko surukina?"

Abdulfattah ya buɗe baki zai yi tsawa, abin da ya fito bai fi tari ba. Talatin da biyar. Mai hoto yana cewa a ƙara matsowa.

Can ƙarƙashin ɗorawa Inna Ma'u ta sauke tukunyar dafa-dukar walima. Abdulfattah ya naɗe babbar rigarsa a hannu, ya sungumi tukunyar, ya zura cikin gonar dawa.

"Wayyo, jama'a! Injiniya ya gudu da abinci!"

Kafin mai hoto ya ɗago, gadar ta zama wayam. Har Alhaji Maliki ya yi gudun da jikokinsa ba su san yana da shi ba. Suka cim masa a bakin daji, ya ajiye tukunyar yana haki yana ba kowa haƙuri.

Inna Ma'u ta ɗaga murfi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, da ka ce yunwa kake ji, ai da na zuba maka."

Gadar tana nan, da 'yar lanƙwasar da ba ta miƙe ba har yau. Ya samu wasu ayyukan bayan wannan, amma duk inda za a buɗe gininsa, shi ake fara zuba wa abinci, a kuma zaunar da ƙato ɗaya kusa da tukunya.