Tiyo Biyu da Bokiti

Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran famfo kafin gwiwa ta ƙi tsugunno, sannan ya koma jan waya. Aikin ɗaya ne a wurinsa: ka huda bango, ka zura abu, ka tabbatar abin da ya shiga nan ya fita can. Sunan dai bai bar shi ba. A kamfanin aika kaya inda yake kula da wayoyin intanet, kowa Mai Famfo yake ce masa, har 'yan matan ɗakin amsa kira da ya haifi kamarsu.

Su goma sha biyu ne a ɗakin, kowace da abin sauraro a kunne, kuma duk kiran kwastomomi ta intanet yake bi. Tsohon layinsu siririyar waya ce ta ƙarƙashin ƙasa. Da Hajiya mai kamfanin ta ɗora autanta a kujerar manaja, abin da ya fara yi shi ne sauya layin da na tauraron ɗan adam, irin mai nisan nan da ke tsaye wuri guda a sama. Ya ce faɗinsa ya ninka tsohon sau goma. Mai Famfo ne ya hau tsani ya kafa farantin. Daga can sama ya buɗe baki zai yi magana, sai Manaja ya ɗago kai ya ce masa, a gaban mai gadi da direbobi, ya ɗaure kusoshi kawai, wannan ba masai ba ne.

Ya ɗaure kusoshin. Ya ɗaure bakinsa da su.

Cikin mako guda ɗakin ya zama kasuwa. Yarinya ta yi sallama, ta ji shiru, ta maimaita, daidai lokacin da amsar kwastoma ke isowa, sai maganganu su yi karo. Ta yi shiru, shi ma ya yi shiru, su sake farawa tare. Ƙorafi ya yi ta zuwa cewa 'yan matan ba su da tarbiyya, katse mutum suke yi. Manaja ya kori uku. Ta ukun ita ce Zabiya, mai muryar nan da ke ajiye wa Mai Famfo shayi kowace safiya tana tsokanarsa wai angonta. Ta wuce shi a bakin ƙofa da kofinta a jaka. Ya duƙa yana naɗe wayar da ba ta buƙatar naɗi. Ya gaya wa kansa cewa ba a tambaye shi ba. Gaskiyar da bai gaya wa kansa ba ita ce yana jiran ranar da za a tambaye shi a gaban kowa.

Ranar ta zo bayan wata biyu. Hajiya ta iso da kanta, mace da ba ta taɓa buɗe kwamfuta ba amma ta san ƙarar kamfani mai mutuwa. Auta ya yi ta zuba mata bandiwit da megabit har ta ɗaga hannu. Ta ce ko akwai mai yi mata bayani da Hausa. Mai Famfo ya yi gyaran murya, ya ce in ran Hajiya ya daɗe za ta taka zuwa wurin wankin motoci.

Can ya ɗauko tiyo biyu, ya zazzage ruwan cikinsu: ɗaya siriri gajere, ɗaya ƙato mai kauri da aka naɗe ya kai taku sittin. Ya ce kaurin tiyo shi ne abin da Manaja ke kira bandiwit, wato yawan ruwan da zai iya ɗauka a lokaci guda. Ya haɗa siririn da famfo, ya murɗa, ruwa ya faɗa bokiti nan take. Ya haɗa ƙaton, ya ba Hajiya bakinsa, ya murɗa. Ta tsaya riƙe da busasshen tiyo. 'Yan matan sun leƙo ta taga.

"Ina ruwan?"

"Yana hanya, Hajiya. Wannan jiran shi ne letansi, jinkirin tafiya. Kauri ba ya rage nisa."

Da ruwan ya iso, ya iso da ƙarfi har ya jiƙa takalmin Manaja. Mai Famfo ya bayyana cewa kowace kalma sai ta hau sama fiye da kilomita dubu talatin da biyar ta sauko, amsarta ma haka, sai a samu fiye da rabin daƙiƙa na shiru tsakanin tambaya da amsa, kuma kunnen mutum ba ya haƙuri da wannan. Sannan ya taka tiyon da ƙafa, ruwan ya koma tsiyaya. Ya ce ga na ukun, turufut: abin da ya shiga bokiti a zahiri, bayan an cire yoyo da matsi da cunkoson masu jan ruwa tare, kuma ba ya taɓa wuce kaurin tiyo. Ya ɗage ƙafa. Ya ce su ba wannan ba ne ciwonsu, don bokitinsu cika yake yi. Murya cokali take sha, ba ta son randa. Abin da take so shi ne cokalin ya zo da wuri.

Da ya tsaya nan, da ya ci. Amma daɗin ya kai masa ka. Ya juya ya ce an sayi babbar tanka don kai wa mai ƙishirwa kurɓi ɗaya, kuma ko mai gyaran masai ya san wannan. Wata daga taga ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki.

Hajiya ta ajiye tiyon a hankali. Ta maimaita darasin kamar ɗalibar kirki: kauri, jira, bokiti. Babu inda ta kuskure. Ta dubi ɗanta da jiƙaƙƙen takalminsa, ta dubi tagar, sannan ta yi wa Mai Famfo murmushi mai taushi.

"Baba, kai malami ne. Tun yaushe ka gane haka?"

Ya ga ramin, ya kuma san amsar da za ta tsallakar da shi: jiya, shekaranjiya. Amma hakan na nufin shi ma wata biyu ya yi cikin duhu kamar yaron.

"Tun ranar da na kafa farantin."

"To ka gani. Shi bai sani ba, ya kori uku. Kai ka sani."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya mayar da tsohon layin kafin la'asar, tunda har yanzu wayar na ƙasa, ya kuma bar mabuɗan ɗakin na'urori wurin mai gadi. Ya mayar. Kira na farko da ya shiga, sallama da amsarta suka haɗu kamar tafi. Babu wadda ta ɗago ta dube shi.

A taron ma'aikata na makon da ya biyo baya, kamar yadda mai gadi ya ba Mai Famfo labari, Manaja ya zo da tiyo biyu da bokiti, ya yi bayani tsaf, aka tafa masa. Ba a dawo da ko ɗaya cikin ukun ba, don dawo da su amsa laifi ne.

Mai Famfo ya koma tsugunno da gwiwar da ta ƙi. Wata rana aka kira shi gyaran famfon kicin a wani gidan haya, wadda ta buɗe ƙofa Zabiya ce. Labarin tiyo ya riga shi isowa. Ta nuna masa inda ke yoyo, ta ce masa malam, ta koma ɗaki. A kan teburi akwai tukunyar shayi tana tururi, da kofi ɗaya.