Ranar Allura Sama da Sunan Alhaji

Wasila 'yar Nahuce ce ke rubuta sanarwa a tashar WhatsApp ta ƙungiyarmu ta masu kiwo. Ni da boko mun rabu ba sallama, amma rubutunta ko kan babur ina karanta shi.

Kafin zuwanta, sanarwa kan fara da kirarin shugabanmu, Alhaji Yazid, har waya ta datse saƙon. Haka rigakafin bara ya wuce awakinmu, don ranar na can ƙasa, ba wanda ya buɗe.

Bana Wasila ta sa ranar a layin farko, alamar tauraro gaba, alamar tauraro baya, manne da rubutun, ta fito da kauri. Unguwanni ta jera su da lamba, kowace da layinta. Adireshin shafin rajista ta ware shi, yadda ko yatsan manomi ba zai kuskure ba.

Alhaji ya kira ta. "Ke Wasila, ina sunana? Ki kaurara shi, ki maido shi sama!"

Ta ce, "Alhaji, kai za a yi wa allurar?"

Ya rantse sai ya tsige ta. Ta bar saƙon yadda yake.

Ranar Laraba, ranar allurar, fili ya cika maƙil. Tumakin Alhaji ne farkon layi, bayan akuyata.