Iskar Fanka a Karatun Malam Mu'azu

Shekara talatin da biyu Abdulƙadiri Mai-Lasifika ya yi yana kafa makirufo a gaban malamai, daga Wurno zuwa Rimawa. Amma wanda ya fi daɗewa da shi shi ne Malam Mu'azu, mai tafsirin la'asar a zauren gidansa duk azumi.

Makirufo ɗaya ake ajiyewa tsakanin Malam da mai jan baƙi. Mai jan baƙi kuwa murya gare shi, in ya ɗauko aya har bakin kasuwa ana ji. Malam kuma a hankali yake fassara. Don haka Abdulƙadiri ya sayi kwamfuresa, na'urar da ke danne murya mai ƙarfi don a samu ɗaga mai rauni.

Ya san aikinta. Ya taɓa nuna wa 'yarsa Mashkura, wadda ke koyarwa a firamare a Goronyo, maɓallan ɗaya-ɗaya.

“Wanga shi ne iyaka. Muryar da ba ta kai nan ba, ba ruwan na'ura da ita. Wadda ta haye, ita aka dannewa. Wanga kuma reshiyo. In na aza uku bisa ɗaya, murya ta haye iyaka da desibel tara, uku kaɗai ka fita. Na ukun shi ka faɗin saurin da za ta saki in murya ta sauka.”

“To, Baba, mi zai hana ka danne da yawa, kowa ya zo daidai?”

“Ke dai malamar makaranta ce, kowa sai ya shiga layi,” in ji shi, yana dariya. “In kin matsa, da mutum ya yi shiru sai na'ura ta saki, duk hayaniyar ɗaki ta taso. Ya yi magana ta nutse, ya tsaya ta taso. Awa zugazugin maƙeri. Kunne ka kama wanga, fitilar na'ura ba ta faɗa miki.”

A azumin bara Malam ya raunana ƙwarai. Murya ta koma raɗa, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma yana neman numfashi. Saboda zafi aka kawo fanka aka girke kusa da shi. Babban ɗan Malam, Kabiru, ya ja Abdulƙadiri gefe ya ce, “Kawu, na bana a ɗauka da kyau. Ka dai gane.”

Ya gane. Abin da bai faɗa wa Kabiru ba, bai faɗa wa kowa ba, shi ne shekara biyu ke nan kunnensa ya yi nauyi, yana duban leɓen mutane in suna magana.

Da ya sa abin kunne na sauraro, sai ya ji Malam can nesa. Ya sauke iyaka ƙasa sosai, har raɗar Malam ta riƙa haye ta. Ya kai reshiyo takwas, ya gajarta saki, ya ɗaga ƙarfin fita. Malam ya matso kusa a kunnensa. Shuuwar fankar kuwa, siririya ce, ba ta iso shi ba. Haka ya ɗauka kwana ashirin da tara, kai tsaye ta cikin na'urar, bai ajiye wani ɗauka daban ba.

Bayan Sallah da sati uku aka kai Malam makwanci.

Kabiru ya zo da kansa, ya zauna a tabarma, ya daɗe yana gaisuwa. Sannan ya ajiye katin memorin da aka ɗauki karatun a kai a gabansa.

“Kawu, gidan rediyon da munka kai ma karatun sun maido. Sun ce ko akwai wani.”

“Mi sunka gani?”

Kabiru ya dubi ƙasa. “Ka dai saurara.”

Ranar Juma'a Mashkura ta zo. Ya miƙa mata abin kunne, ya kunna, ya zauna yana kallon fuskarta. Ba ta yi minti ɗaya ba ta runtse ido.

“Faɗa mini.”

“Baba, duk inda Malam ya tsaya, iska ka tasowa, fuu. Ƙarshen kalma, inda muryarsa ka faɗuwa, iskar ta haɗiye shi.”

“Ana gane abin da yake cewa?”

“Wani wuri.”

“Kwana nawa haka?”

Ta tsallaka zuwa na goma, na ashirin, na ƙarshe. Ta cire abin kunnen a hankali.

“Ba a iya warware shi?”

Ya girgiza kai. Abin da aka danne aka haɗa da iska ya riga ya zama abu ɗaya. A rage iskar, sai a rage Malam. Da ma a ce ya ɗaga iyakar, ya bar reshiyo a uku, ya tsawaita saki kaɗan, ya matso da makirufo bakin Malam, ya juya fankar. Aikin minti biyu. Ko kuma a ce ya ce wa wani, zo ka ji mini.

Mashkura ta ce wani abu. Ta juya baya tana naɗe waya, bai ga bakinta ba.

“Na'am,” in ji shi.

Da Kabiru ya aiko a Sha'aban yana tambaya ko zai kafa wa sabon malamin kaya, sai ya ce a gaishe shi, a ce ƙafa ce ke damunsa.