Daren Juma'ar Yaya

Shekarar da Yaya ya buɗe shagon kayan sola a Goronyo, ba abin da yake so a duniya kamar a san sunan shagon nan, a kuma ce mai shi mutum ne mai gaskiya. Zafi ya matsa, fankoki na jere a kanta suna kallonsa yana kallonsu. Sai wani ya hure masa kunne: ya sa fanka ɗaya kyauta a Fesbuk, jama'a za su zo da gudu.

Ni ya kira in rubuta sanarwar, tun da a gidanmu ni ce mai danna waya. Na rubuta komai filla-filla. Mai son shiga ya bi shafin shagon, ya rubuta sunansa da garinsu a ƙarƙashin hoton fankar, ya yi tagin abokai biyu, kuma shiga ɗaya ce ga mutum ɗaya. Na sa kwanan watan rufewa da ƙarfe nawa. Na ce ran Asabar da hantsi za a rubuta sunaye a 'yan takardu, a zuba a ƙwarya, a zaro ɗaya kai tsaye kowa na kallo.

Yaya ya karanta yana yatsina fuska.

"Ke, mi na na wanga kwanan wata da ƙarfe kaza? Kotu muka zuwa? Rubuta daren Juma'a, kowa ya san shi."

Na ce, "Yaya, daren Juma'a biyu ne fa. Akwai na malamai, akwai na masu kalanda."

"Tun ba a haihe ki ba nika sanin daren Juma'a."

To, ranka ya daɗe. Na goge, raina a ɓace, na rubuta yadda ya ce.

A wurin Yaya, kamar a wurin duk wanda ya tashi gaban malam, rana na faɗuwa ran Alhamis an shiga daren Juma'a. Don haka Alhamis yana idar da isha'i ya rubuta "An rufe" a ƙarƙashin hoton, ya kwanta da murmushinsa.

Juma'a da hantsi ina shagon sai ga Sista. Ma'aikaciyar asibiti ce, Kirista daga kudancin Kaduna, kuma duk fitilar da ke gidajen ma'aikata ta hannunta Yaya ya sayar. Ta ajiye waya a kan kanta.

"Malam, yau wace rana?"

"Juma'a, Sista."

"Dare ya yi?"

"A'a."

"To me ka rufe? Ni na gaya wa abokan aikina su shiga yau in mun tashi. Ka mai da ni maƙaryaciya."

Yaya ya gyara hula ya fara karatu, wai dare ke gabatar rana. Sista ta ce da wa'azi take so ta san inda cocinta yake, ita abin da aka rubuta ta karanta. Abin haushin, samarin garin da suka makara, waɗanda suka san daren Juma'a sarai, duk suka koma bayan Sista. Kafin a sauko masallaci an cika shafin da "maguɗi", har daga Rimawa da Kagara. Wani ma ya ce dama Yaya ya ajiye wa surukinsa fankar.

Wannan ta soke shi. Ya sake buɗe shiga zuwa daren ranar. Sai waɗanda suka shiga kafin rufewar Alhamis suka taso: su da suka bi doka, don me za a tara musu jama'a a ƙwarya? Wani manomin albasa daga Wurno ya rubuta cewa in Yaya bai san daren Juma'a ba ya koma makarantar allo. Wayyo, Yaya da ke limanci in liman ya yi tafiya!

Ran Asabar ƙwarya biyu na riƙe a gaban waya, ta mutanen Alhamis da ta mutanen Juma'a. Fanka biyu suka fita daga shagon, Yaya na zufa yana murmushin dole. Ba wanda ya gode. Kowane ɓangare gani yake ƙwato haƙƙinsa ya yi daga hannun mai wayo. Kallonsa kawai na yi, kuma wallahi na ji daɗin kallon.

Sista ba ta ci ba, ba ta kuma daina gaishe shi ba, amma fitilun ma'aikata yanzu daga Sakkwato ake sayo su.

Suna kuwa ya samu. Allon shagon na nan da sunan da ya biya aka zana masa da fenti, ba mai karanta shi. Daga Goronyo har Rabah, ka ce wa ɗan acaba ya kai ka Daren Juma'a, ba zai tambaye ka kwatance ba.

Kwanan baya ya leƙo gida yana gaya wa Inna zai kawo mata batir daren Juma'a. Inna, wadda ba ta taɓa riƙe wayar shafa ba, ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar wake ba.

Ta ce, "Wanne daga ciki?"