Amsoshi Uku a Shagon Mai Sola

Da na gama karatun lakol, babana ya ce ya gaji da ganina ina auna tsawon tabarma da bayana. Ya ji mai gyaran sola na bakin tashar Gazawa yana neman yaro guda, ga samari sun yi masa layi kamar ana rabon taki. Mutumin ya taɓa aiki a buro, wato ofis, don haka ba ya ɗaukar kowa sai ya tambaye shi inda yake ganin kansa nan da shekara biyar.

Kowa a gidanmu ya zama malamina. Yayana ya ce in bugi ƙirji in ce zan zama darakta a Yamai. Kakata ta ce wannan tambayar ƴan duba ce, in ce Allah ne masani in ja bakina. Babana ya ce in rantse zan zauna a shagon har in yi furfura. Don kada wani ya yi fushi, na kwashi duka ukun.

Na iske maigidan yana kwance wani famfon sola. Yana jefo tambayar na harba ta yayana. Ya ce madalla, amma shi mai riƙe tsani yake nema, darakta kuwa nauyi gare shi. Na yi maza na saki ta kakata. Ya ce gaskiya ne, shi ma bai ce in karanta gaibu ba, niyyata ya tambaya. Da na kawo zancen furfura, dariya ta sa kusoshin da ya riƙe a baki suka zube.

"Samari, ka gama rabon saƙon mutane? To ina taka?"

Ya ce ya koyar da yara sun gudu haƙar zinariya tun ba su iya haɗa batir ba, shi ya sa yake tambaya. Na ce gaskiya famfon garinmu in ya lalace, mata kan yi kwanaki suna jan guga kafin a samo mai gyara. Ina so in koyi aikin a hannunsa har ya yaye ni, in Allah ya yarda in zama mai gyaran ƙauyukanmu, ina sayen kaya wurinsa. Na ƙara da cewa kowace damina babana zai janye ni shuka da noma, ko shagon na cin wuta.

Maigidan ya tsince kusoshinsa. Ya ce ƙauyukan nan sun cinye masa tayun moto, in akwai yaronsa a can ya huta. Damina kuma a faɗa masa da wuri.

"Ka zo Asabar, da tsumma."

Yanzu gilasan sola nake gogewa a kan rufin mutane. Duk sanda yayana ya wuce sai ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, darakta, an hau sama."