Rijiyar Bayan Kwata

Ina aji biyar na sakandare a Faskari malamin kimiyyarmu ya ba mu rubutu a kan gurɓacewar ruwa. Na ari wayar yayana na kwaso duk abin da na gani: man fetur a teku, dattin masana'antu, kifaye suna mutuwa a ƙasashen da ban san inda suke ba. Na kai masa shafi shida ina jiran yabo.

Bai wuce shafin farko ba ya ɗago kai.

"Ka taɓa ganin teku?"

"A'a, Malam."

"To wane ruwa kake nufi? Wannan jigo ne, ba tambaya ba. Kawo min tambaya ɗaya wadda ƙafarka za ta kai ka wurin amsarta."

Na koma da "gurɓacewar ruwa a Jihar Katsina". Ya ce ko babur ya ba ni ba zan zagaye ta kafin a yi hutu ba. Na rage zuwa Yankara, garinmu. Ya ce rijiya ce, ko kududdufi, ko burtsatse? Sai na tuna da tsohuwar rijiyar bayan kwatar mahauta, inda masu ga-ruwa ke ɗiba. Na rubuta: "Me ya sa mahauta ke ɓata mana ruwa?"

"Ka yanke hukunci tun ba ka je ba," in ji Malam. "Wa ya ce maka sun ɓata? Kuma da mi za ka auna? Ido da hanci kawai gare ka."

A ƙarshe muka tsaya a kan wannan: shin launi da warin ruwan rijiyar na canzawa ranar kasuwa idan aka gwada da sauran ranaku? Zan riƙa ɗiba a kwalabe masu haske, a lokaci guda kullum, in ajiye ruwan burtsatse a gefe don kwatantawa.

Ranar kasuwar farko sai da na yi amai a gindin wata bishiyar bedi. Jini ya daskare a kwatami, kashin tumbi an juye shi tsibi-tsibi, ƙudaje sun rufe shi har ba a ganin launinsa. Na taka wani wuri da na zaci busasshe ne, silifas ɗina ya nutse, tsutsotsi suka fito tsakanin yatsuna. Na ɗauka ruwan kwatamin ne ke gangarawa cikin rijiyar, amma bakinta a ɗaure yake da siminti. Ashe guga ce ke kai ƙazantar ciki. Mai wanke kayan ciki zai ja ruwa, ya yar da ita cikin caɓin, na bayansa ya ɗauka ya zura da igiyarta baƙa ƙirin. Kowa na gani, babu mai ko yamutsa fuska.

Na yi makonni ina zuwa. Kwalaben ranar kasuwa, da na washegarinta, sukan yi duhu-duhu, wani maiƙo na yawo a sama, in ka buɗe ƙarni ya doki hancinka. Na tsakiyar mako da sauƙi, amma ba su kai na burtsatse haske ba.

Wata ranar ina tsaye da kwalbata na ga mai ga-ruwan da ke kawo mana ruwa in burtsatse ya lalace. Ya cika jarkokinsa da wannan gugar, ya tura kura ya nufi unguwarmu. Na bi shi har ƙofar gidanmu. Na tarar da Inna ta buɗe randa.

"Inna, kar ki bari a zuba!"

Na nuna mata kwalbar. Ta shinshina, ta kawar da kai ta tofar da yawu.

"Wannan muke dama fura da shi?"

Ta sa aka zubar da randar duka, ta wanke ta da toka har hannunta ya yi fari.

A rubutun na ƙara cewa ruwan ne ke jawo taifot ɗin da ke damun unguwarmu. Malam ya soke layin da jan biro.

"Ba ka auna wannan ba. Faɗi abin da ka gani, ka tsaya nan."

Na ji haushi, amma na cire. Rubutun ya dawo shafi biyu, Malam ya sa na karanta shi a gaban aji, wasu na toshe hanci.

Babana ya kai maganar wurin sarkin fawa. Ya saurara, ya ce tun kakanninsu haka ake yi, amma ya sa aka kafa sanda mai ƙugiya don rataye guga. Da aka yi hutu na leƙa wurin. Wani ya rataye fatar akuya a ƙugiyar tana ɗiga, guga kuwa tana kwance a cikin caɓi.